Waiwaye: Yadda ƙaramin buhu ya riƙa cin ribar babba a injinan casar shinkafa

Tun da gas ya yi tsada, babu taron ƙungiyar masu injin casa da za a yi a Kura, ko Bunkure, ko Auyo, a tashi ba a taɓa maganar nan ba: inji yana aiki dare da rana, kaya suna fita, amma ƙarshen wata ma'aji ya buɗe littafi a ga babu abin a zo a gani. Wasu sun ce gas ne kawai, a ƙara kuɗi a kan kowane buhu a huta. Wasu sun ce in aka ƙara, 'yan sari za su koma injin maƙwabta. Akwai kuma masu zargin yaran inji da ɗan hali. Ni a ganina gas bai kawo ciwon ba, tono shi ya yi. Ciwon yana cikin yadda ake raba kuɗin ɗawainiya, kuma ya girmi wannan tsadar.

Kuɗin ɗawainiya shi ne duk abin da aka kashe wanda ba za a iya nuna buhu guda a ce shi ya ci ba: gas, baƙin mai, gyara, albashin maigadi da mai awo, hayar sito, kuɗin mota. Shanshera da buhun zubi ba sa ciki, domin su kowa ya san inda suka tafi. Tsohuwar hanya ita ce a tara wannan kuɗi wuri guda a raba shi da ma'auni ɗaya. Masana'antun Ingila da Amurka sun daɗe suna rabawa da awannin da leburori suka yi, ko awannin inji. Tun a 1901 wani injiniya, Alexander Hamilton Church, ya yi rubutu cewa zuba komai a tukunya ɗaya yana ɓoye gaskiya, amma hanya mai sauƙi ce ta ci gaba da tashe. Sai a 1987 da 1988 masana lissafin kuɗi Thomas Johnson da Robert Kaplan da Robin Cooper suka fito da sukar da ta yi suna, har aka san hanyar lissafi bisa aiki: a fara gano ayyukan da ke cin kuɗi, sannan a ɗora wa kowace haja gwargwadon aikin da ta jawo.

A nan gida ma'aunin bai taɓa zama awannin lebura ba. Buhu ne. Kuma a faɗi gaskiya, shekaru da dama ma'aunin bai yi ƙarya ba. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya sauko Kadawa, aikin mai inji iri ɗaya ne: mata su turara, a shanya, a kawo, a casa, a ɗure. Buhun Malam da buhun Hajiya lokaci ɗaya suke ci, gas ɗaya suke sha. In ka raba ɗawainiya da yawan buhuna, kowa ya ɗauki nasa daidai.

Abin da ya sauya, wanda ba a cika ambatonsa a muhawarar yau ba, shi ne ranar da inji ya daina fitar da haja iri ɗaya. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafar gida ta samu shiga kantunan birni, su kuwa masu kanti ba buhu mai kilo 50 suke nema ba. Suna son mai kilo 5 da mai kilo 10, tsintacciya, babu tsakuwa, babu karyayya, iri guda ba gauraye ba, da tambari a jiki. Masu inji da yawa suka sayi na'urar tsince tsakuwa da keken ɗinkin buhu, suka buga tambari, aka yi murna, domin kilo ɗaya a ƙaramin buhu ya fi tsada. Littafin ma'aji kuwa yana nan yadda yake, yana raba ɗawainiya da nauyi.

Ka tsaya a bakin inji ranar da kanti ya aiko a yi masa ƙananan buhuna 60 masu kilo 5. Sai an dakatar da aikin 'yan sari. A kwance rariya a kakkaɓe, a share bututu don kada wani iri ya gauraya, a saita abin gogewa, a zuba kwano biyu uku a gwada, mai inji ya damƙo a tafin hannu ya hura ya duba karyayya, ya sake saitawa. Duk wannan lokacin injin yana kunne yana shan gas, ko ƙwaya ba ta faɗa buhu ba. Sannan yaro ya tsuguna gaban sikeli yana awo sau 60, yana ɗinki sau 60, alhali nauyin duka bai wuce manyan buhuna 6 ba. Gobe a ɗauki hayar mota zuwa birni, jibi a koma karɓo kuɗi a ce maigidan bai fito ba.

Wannan shi ne abin da Jeffrey Miller da Thomas Vollmann suka lura da shi a masana'antun Amurka a 1985, kafin sunan sabuwar hanyar ya bazu. Sun nuna cewa kaso mai yawa na ɗawainiya ba yawan kaya ke jawo shi ba, yawan hada-hada ne: sau nawa aka yi oda, sau nawa aka sauya saiti, sau nawa aka duba inganci, sau nawa aka motsa kaya. Oda ƙarama da babba kusan wahala ɗaya suke ci. Saboda haka duk inda aka haɗa haja mai fita da yawa da mai fita kaɗan-kaɗan a rumfa ɗaya, aka raba da nauyi, babbar ce za ta goya ƙaramar.

Bari mu ɗauki misali, alƙaluman na kwatance ne don lissafi ya fito fili. Injin wata ƙungiya ya fitar da nauyin buhu 1,000 a wata. Buhu 900 sun tafi wa 'yan sari a manyan buhuna, nauyin buhu 100 kuma an ɗure shi a ƙanana 1,000 masu kilo 5. Ɗawainiyar watan naira 3,000,000 ce. A tsohon rabo, kowane kilo 50 ya ɗauki 3,000, ƙaramin buhu kuma 300. Ma'aji ya haɗa da kuɗin shanshera da na buhu, ya ga ana cin ribar 500 a kowane ƙarami. Sai ya ce wa shugaba, “Ranka ya daɗe, a nan kuɗin yake, mu ƙara nemo kantuna.”

Yanzu a fasa kuɗin nan gida huɗu. Gudun inji kansa, wato gas da gyara lokacin da ake casa, ya ci 1,800,000. Wannan kam nauyi yake bi, 1,800 a kan kowane kilo 50, don haka ƙananan sun ɗauki 180,000. Sauyin aiki ya ci 400,000, an yi shi sau 20, kowanne 20,000, kuma 16 daga ciki don kantuna aka yi: 320,000 ke nan. Awo da ɗinki sun ci 380,000 a kan baki 1,900 da aka ɗinke, kowanne 200, ƙananan sun ɗauki 200,000. Kai kaya da bin kuɗi sun ci 420,000 a sawu 14, kowanne 30,000, sawu 12 na kantuna ne, domin 'yan sari galibi da motarsu suke zuwa: 360,000.

In ka tara, ƙananan buhuna sun jawo 1,060,000, ba 300,000 da littafi ya rubuta musu ba. Kowane ɗaya ya ci 1,060. Ribar 500 da ake murna da ita ta koma faɗuwar 260. Manyan kuwa 1,940,000 suka jawo, kimanin 2,156 kowanne, amma an ɗora musu 3,000. Naira 760,000 ba ta ɓace ba, ba kuma wanda ya sace ta. Daga wannan shafi aka kwashe ta aka kai wancan.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Ƙungiyar tana ganin babban buhu ba shi da riba sosai, sai ta ƙi yi wa ɗan sari ragi. Maƙwabcinta da ba ya ƙananan buhuna ya sauke 500 yana dariya, don shi ɗawainiyarsa ta gaske ba ta da yawa. Ɗan sari ya koma can. Wata mai zuwa buhunan da za a raba wa ɗawainiya sun ragu, kason kowanne ya hau, a sake ƙara farashi. Kantuna kuma suna ta tururuwa, wa zai ƙi araha? Wannan ma alama ce da mai inji zai iya gane matsalar ko bai riƙe alƙalami ba: hajar da ta fi ba ka wahala ita ce kowa ke rububi ba tare da ciniki ba, wadda ka fi ƙwarewa a kanta kuma kullum ana ce maka ka yi tsada. Da gas yana araha, giɓin ƙarami ne, riba tana rufe shi. Da ya ninka a 2022, sannan fetur ya bi sahu a 2023, kowane sauyin aiki da kowane sawun mota suka yi nauyi, asiri ya tonu.

Ba kowa ne ke bukatar wannan lissafi bisa aiki ba. Mai injin ƙauye da ke karɓar kuɗin casa kawai, aikinsa iri ɗaya, rabon buhu ya wadace shi, kuma ɓata lokaci ne ya tsaya ƙirga sawu. Haka wanda ɗawainiyarsa 'yar kaɗan ce in aka gwada da kuɗin shanshera. Sai abu biyu sun haɗu tsohuwar hanya take karkacewa: ɗawainiya mai kauri, da hajoji masu jawo aiki ba daidai da nauyinsu ba. A ƙasashen da aka fara sabuwar hanyar ma, kamfanoni da yawa sun gwada sun watsar, don sun jera ayyuka barkatai har riƙe lissafin ya zama wata ɗawainiyar. Shi ya sa a 2004 Kaplan da Steven Anderson suka kawo sauƙaƙƙiyar siga: a san kuɗin minti ɗaya na inji ko na ma'aikaci, a san mintin da kowane aiki ke ci. Ga injin casa, agogon waya da littafi mai layi huɗu sun isa.

Sai dai a yi hattara da wannan 1,060,000. Ba yana nufin in an daina ƙananan buhuna duka za ta dawo aljihu ba. Hayar mota da gas ɗin sauyi za su tsaya nan take, amma yaron awo yana nan da albashinsa, keken ɗinki an riga an saya. Abin da lissafin ya nuna shi ne inda za a taɓa. In aka ware rana biyu a mako don aikin kantuna, sauyi ya sauko daga 16 zuwa 8, an rage 160,000. In aka haɗa kayan kantuna a mota ɗaya, sawu 12 ya koma 4, an rage 240,000. Ƙaramin buhu ya dawo 660, faɗuwar 260 ta zama ribar 140, ba a ƙara wa kowa sisi ba. Kantin da ya ce lallai yau yake son buhu 20, sai a gaya masa kuɗin sauyin 20,000 ne, ya zaɓa: ya biya, ko ya jira Alhamis.