Rukunonin Aikatau Marasa Bin Ƙa'ida a Turancin Ingilishi da Dabarun Haddace Su

Yawancin aikatau na Ingilishi suna nuna shuɗaɗɗen lokaci ta hanyar ɗafa musu *-ed* a ƙeya, kamar *walk* da ke komawa *walked*. Akwai kuma kimanin 200 da ba sa bin wannan ƙa'ida, kuma a cikinsu ne ake samun waɗanda aka fi amfani da su yau da kullum. Kowane ɗaya yana da siga uku da mai koyo zai riƙe: sigar asali, sigar shuɗaɗɗen lokaci, da siga ta uku wadda ke zuwa bayan *have* ko *be*. Ƙamusoshi da littattafan makaranta sukan jera su bisa tsarin abacada, tsarin da ya dace da dubawa amma bai dace da hadda ba, domin yakan raba *drink* da *sink* da nisa alhali sauyi iri ɗaya suke yi. Shi ya sa malamai ke tara su rukuni-rukuni bisa yadda sautinsu ke canzawa.

Asalin rukunonin

Rukunonin nan sun girmi malaman da ke koyar da su. A tsohon Ingilishi akwai aji bakwai na aikatau masu nuna lokaci ta sauya wasalin tsakiya. Masanin harshe Bajamushe Jacob Grimm, a farkon ƙarni na 19, ya kira irinsu masu ƙarfi, masu ɗafa ƙeya kuma ya kira su masu rauni. Abin da ɗalibi ke haddacewa a yau ragowar waɗannan azuzuwa ne, haɗe da wasu masu rauni da wasalinsu ya gajarce, irin su *keep* da *kept*.

Ga manyan rukunonin da aka fi koyarwa:

| Sauyi | Misali | 'Yan rukuni |
|---|---|---|
| i, a, u | sing, sang, sung | ring, drink, sink, swim, begin |
| i, u, u | sting, stung, stung | swing, cling, spin, stick, dig |
| i, o, i + n | drive, drove, driven | ride, rise, write |
| ow, ew, own | grow, grew, grown | blow, know, throw |
| ear, ore, orn | wear, wore, worn | tear, swear |
| ee, e + t | sleep, slept, slept | keep, sweep, feel |
| ought, aught | think, thought, thought | buy, bring, fight, teach, catch |
| babu sauyi | cut, cut, cut | put, hit, set, shut, cost |

Rukuni biyu na farko

A layi na ɗaya da na biyu aka fi tuntuɓe, don haka su ne suka cancanci a tsaya a kansu. Idan aka dubi *sing* da *sting*, harafi ɗaya kawai ya raba su, amma na farko yana da *sang* a tsakiya, na biyu kuwa *stung* yake yi a siga ta biyu da ta uku. Dalilin yana cikin tarihi. Tsohon Ingilishi yana da sigar shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, ta tilo da ta jam'i: mutum ɗaya *sang*, mutane da yawa *sungon*. Da aka daina bambantawa, wasu aikatau suka riƙe wasalin tilo, wasu suka riƙe na jam'i. Babu wata alama a jikin kalmar da za ta gaya wa ɗalibi ɓangaren da ta faɗa, saboda haka sai an haddace jerin ɗaya daga ciki sarai. Na *i, a, u* ya fi dacewa, domin manyansa tara ne: *begin, drink, ring, shrink, sing, sink, spring, stink, swim*. Sauran masu kama da su, irin su *fling* da *wring*, sai a kai su layi na biyu.

Wanda ya yi karatun allo yana da wata dabara a hannu. Jerin *i, a, u* shi ne wasali ƙasa, wasali bisa da rufu'a, kuma tuna su a haka yana tsayar da tsarin rubutun a ka. Iyakarta rubutu ne, domin harafin *u* na *sung* ba a furta shi kamar na *kunu*. Ya fi kusa da gajeren *a* na Hausa. A nan wata matsalar ta ɓullo wa Bahaushe musamman. Hausa wasali biyar gare ta, kowane da dogo da gajere, kuma wasulan *sang* da *sung* duka biyu sukan faɗo wa kunnensa kusa da *a*. Idan aji ya rera *drink, drank, drunk* da baki kawai, mai yiwuwa rabin ɗaliban kalma biyu suka ji maimakon uku. Maganinsa a rera ana kallon allo, a kuma buɗe baki sosai a kan *drank*, a gajarta *drunk*.

Rerawar ma ta fi amfani idan kowace siga ta zo da abokiyar tafiyarta. Ɗalibin da ya rubuta *I have drank water* ya san sigogin uku, gurbinsu ne ya ɓace masa. Sai a ba shi ma'auni biyu: siga ta biyu takan zauna bayan *yesterday I*, ta uku kuma bayan *I have*. Ya riƙa faɗin *yesterday I drank, I have drunk*, ya bi duk taran a haka, har kunnensa ya fara ƙin *have drank* da kansa.

Inda kamanni ke ruɗi

Babban aibin tara aikatau bisa sauti shi ne ɗalibi yakan ja kalmar da ba 'yar gida ba ya shigar da ita. *Bring* ta yi kama da *ring* da *sing*, sai a ji *brang*, alhali *brought* ce. Haka *think* take da *drink*. Rukunin *grow* ma yana da irin nasa: *fly* ta shigo da *flew* da *flown* duk da sigarta ta asali ta bambanta, *show* ta tsaya rabi da rabi da *showed* da *shown*, ita kuwa *flow* mai bin ƙa'ida ce gaba ɗaya. Wanda ya ce kogi *has flown* ya ce kogin ya tashi sama ke nan. Jadawalin da bai ware gurbi a gefen kowane rukuni don irin waɗannan baƙi ba, aikinsa bai cika ba, kuma ya kamata a koyar da baƙin rana ɗaya da 'yan gidan.

Wasu rukunonin suna da alama tabbatacciya. A na *ought* da *aught* furuci ɗaya ne, rubutu ne ke wahalarwa, amma *teach* da *catch* suna da harafin *a* tun a sigar asali, su ne kuma ke ɗaukar *aught*. Marasa sauyi kuwa akasarinsu gaɓa ɗaya ne, kuma suna ƙarewa da *t* ko *d*, sai dai ba duk mai ƙarewa haka ke ciki ba, tunda *sit* tana komawa *sat*.

Akwai kaɗan da ba sa shiga kowane rukuni. *Went* ta *go* aro ce daga wani aikatau daban, *wend*, sigogin *be* kuma daga tushe fiye da ɗaya suka fito, don haka ɗai-ɗai ake haddace su. Ana kuma samun saɓani tsakanin Birtaniya da Amurka: Ba'amurke kan ce *gotten* da *dove* inda Baturen Ingila zai ce *got* da *dived*. Makarantun Nijeriya tsarin Birtaniya suke bi, don haka mai ɗauko jadawali daga intanet ya fara duba na wace ƙasa ne.