Yadda ake juya giram zuwa kalori, da dalilin da lissafin gyaɗa ke ƙin daidaita

Don Allah ina ganin ana rubuta giram ɗin furotin da mai da kabohaidiret a jikin ledar abinci, ta yaya zan mayar da su kalori da kaina?

'Yar uwa lamba huɗu kawai za ki riƙe. Giram ɗaya na furotin kalori 4 ne, na kabohaidiret (wato sitaci da suga) shi ma 4, na mai 9, na barasa kuma 7. Sai ki ninka kowanne da lambarsa ki tara, shi ke nan.

```
kcal = (furotin × 4) + (kabohaidiret × 4) + (mai × 9) + (barasa × 7)
```

Wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Amurka ne ya fito da waɗannan lambobi a ƙarshen ƙarni na 19, Wilbur Atwater, har yau da sunansa ake kiran tsarin. In kin ga `kcal` a leda to ita ce kalorin da muke faɗa a baki. In kuma `kJ` kika gani sai ki raba da 4.184 ki samu kalori.

Gwada da kayan kicin ɗinki. Ƙaramin cokalin shayi na suga wajen giram 4 ne, kalori 16 ke nan. Babban cokali na man gyaɗa ko manja wajen giram 14, ninka da 9, ya tashi 126. Kin ga cokali ɗaya na mai ya kusa kamo cokalin shayi takwas na suga, mu kuma kullum suga muke harara alhali ludayin man da aka kwarara a miya ba mai tambayarsa.

Na auna dafaffiyar shinkafa giram 200 na ninka da 4 ya ba ni 800, haka ne?

A'a, nan ne kusan kowa ke faɗawa. Ba nauyin abincin ake ninkawa ba, nauyin sinadarin da ke cikinsa ake ninkawa, ita kuwa dafaffiyar shinkafa yawancinta ruwa ne, ruwa kuma ba shi da kalori ko ɗaya. A giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa kabohaidiret wajen giram 28 ne, furotin bai kai 3 ba, mai kuwa ɗan kaɗan ne. Ki lissafa za ki samu kusan 125 zuwa 130, to giram 200 ɗinki wajen 260 ne. Ɗanyarta ce ke da kabohaidiret kusan giram 80 a cikin 100, don haka kafin ki ɗauki lamba daga ko'ina ki duba ta ɗanye ce ko ta dafaffe. Ga wata dabara ta gane kin yi kure: ba abincin da zai wuce kalori 900 a giram 100, domin zallar mai ce ƙarshe, in lissafinki ya haura haka ki koma baya. A ledar biskit ma ki lura ko lambobin na giram 100 ne ko na guda biyu uku da kamfanin ya ƙaddara za a ci.

Na yi lissafin gyaɗa ya ba ni 609 amma teburin ƙididdigar sinadaran abinci ya ce 567, waye ya yi kuskure?

Ba wanda ya yi kuskure, kuma wannan ce tambayar da na fi jin daɗinta. Giram 100 na ɗanyar gyaɗa yana da furotin wajen 26, mai 49, kabohaidiret 16. Furotin 104, mai 441, kabohaidiret 64, an tara 609, lissafinki daidai yake.

Abin da ya faru shi ne 4 da 9 ɗin nan matsakaici ne, an fitar da su ne don gaurayen abincin da mutum ke ci a yini, nama da hatsi da ganye duk a haɗe. In aka ƙona furotin ƙurmus a na'urar awon zafi yana ba da wajen 5.65 a giram, amma jiki ba ya cin moriyarsa duka, wani ɓangare ba ya narkewa yana fita a bahaya, wani kuma yana fita a fitsari a matsayin yuriya, bayan an cire waɗannan ne aka sauko 4. To narkewar ba ɗaya ba ce a kowane abinci, furotin ɗin ƙwai ya fi na wake da gyaɗa shiga jiki. Shi ya sa ma'aikatar noma ta Amurka, wadda daga teburinta 567 ɗin nan ta fito, take amfani da lambobi na musamman ga gyaɗa da danginta: furotin 3.47, mai 8.37, kabohaidiret 4.07. Ki sake ninkawa da su, furotin wajen 90, mai wajen 410, kabohaidiret wajen 65, kin ga kin dawo dab da lambarsu.

Akwai kuma maganar faiba, wato ɓangaren nan mai kama da dusa da hanji ba ya iya narkarwa da kansa. A giram 16 na kabohaidiret ɗin gyaɗa fiye da rabi faiba ne, wajen 8.5. Ƙwayoyin bakteriya da ke babban hanji suna ɗan ruɓar da shi jiki ya samu wani abu, shi ya sa a dokar Tarayyar Turai ake ba shi kalori 2 a giram maimakon 4. Kuma su ledojinsu faiba daban suke rubuta shi, ba ya cikin kabohaidiret, su kuwa na Amurka a ciki yake. Mu da kasuwarmu ke cike da kaya daga ko'ina sai kin duba wane salo aka bi, in ba haka ba ki cire faiba sau biyu ko ki ba shi 4 bai cancanta ba.

Ni dai a ganina bambancin 40 a cikin 600 bai kai a tayar da hankali ba. Kuskuren da ke cikin ƙiyasin “ɗan cokali ɗaya na sa” ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Ita barasa a jikin kwalba kashi cikin ɗari ake rubutawa ba giram ba, ya ake yi?

Ko mutum ba ya sha lissafin yana da amfani, musamman ga ma'aikatan lafiya da ke duba masu ciwon suga. Kashin da ake rubutawa na awon mililita ne ba na nauyi ba, kuma barasa ta fi ruwa rashin nauyi, mililita ɗaya giram 0.789 ne. Kwalba mai mililita 600 da aka rubuta kashi 5, zallar barasar ciki mililita 30 ce, ninka da 0.789 ya ba ki giram 23.7, ninka da 7 ya tashi wajen kalori 166. Wannan fa na barasar ne kaɗai, sai an ƙara na ragowar sitaci da sugan da ke ciki a kan 4, shi ya sa kwalbar takan haura 200. Irin su burukutu da ake dafawa a gida ba leda ba rubutu, ƙarfinsu ma yana canjawa daga tukunya zuwa tukunya, a nan sai dai ƙiyasi.