Kalar allon shago da bango: tambayoyin da kuka ƙi daina yi

Wace kala ce ta fi jawo kwastoma?

Babu. Abin da ido ke cafka daga nesa shi ne bambancin haske da duhu tsakanin rubutu da jikin allo. Baƙi a kan ruwan ɗorawa, fari a kan shuɗi mai duhu, fari a kan kore mai duhu, baƙi a kan fari. Zaɓi ɗaya ka huta.

Ina son jan rubutu a kan kore, laifi ne?

Laifi ne. Duhunsu kusan ɗaya, daga tsallaken titi haruffan sai su riƙa rawa a ido. Haka ja a kan shuɗi, haka ɗorawa a kan fari. In kana musu, ɗauki hoton zanen da waya ka mayar da shi baƙi da fari. Duk rubutun da ya ɓace a hoton, zai ɓace a titi.

Kala nawa zan sa?

Biyu. Ta uku don lambar waya ko layin gefe, in ka matsa.

Malam, shagona na kallon yamma, rana na dukansa tun azahar, ga ƙura. Farin allo zan yi ko mai duhu?

To, wannan tana buƙatar zama, don kowanne da matsalarsa a Sakkwato. Farin allo ya fi komai fitowa ranar da aka kafa shi, amma da hunturu ya shigo ƙura za ta mayar da shi ruwan ƙasa, ruwan damina kuma ya ja masa zane daga sama zuwa ƙasa. Idan fentin mai ƙyalli ne, hasken la'asar zai riƙa dawowa idon mai wucewa. Mai duhu ya fi ɓoye datti, farin rubutu kuma yana fita raɗau a kansa, sai dai kwano mai duhu na shan zafi ƙwarai a watan Afirilu, fentin ya koɗe ko ya tsage da wuri. Ja ne ya fi saurin koɗewa, ya koma ruwan hoda, musamman a kan allon leda, wato bana, da aka buga da inji.

Idan akwai rumfa da ke yi wa allon inuwa, a ganina mai haske ya fi, ɗorawa ko ruwan madara da baƙin rubutu, domin shuɗi a inuwa haɗewa yake da duhun wurin. Idan allon yana saman rumfa a fili, shuɗi mai duhu da farin rubutu zai fi daɗewa da kyan gani, in dai an yi fentin yadda ya kamata: a goge kwanon da samfefa, a fara da jan fentin hana tsatsa, sannan a shafa fentin mai, hannu biyu, kowane hannu ya kwana ya bushe. Amma ka dubi maƙwabta tukuna. Layinku in duk shuɗi ne, naka ɓacewa zai yi. Mai sayar da katin waya kuma ya tuna ɗorawa MTN take tunasar da mutane, ja Airtel, kore Glo. Kada ka damu, ko wanne ka ɗauka, shafa shi da jiƙaƙƙen tsumma duk sati biyu lokacin hazo ya ishe shi.

Yaya girman haruffa?

Inci 1 na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa. Mu ce shagonka na kan titin Ahmadu Bello, kana son wanda ke tsallake, ƙafa 60, ya karanta. Inci 6 ke nan ga mai tafiya a ƙasa. Ɗan kabu-kabu kallo ɗaya yake yi, don haka kai su inci 8. Allo mai faɗin ƙafa 8 inci 96 ne, bar inci 6 a kowane gefe, saura 84. Harafi ɗaya da tazararsa na cin wajen inci 6, haruffa 14 ke nan a layi. Sunan in ya fi haka, rage sunan, kada ka matse haruffan. Kuma don Allah ku daina lissafa shinkafa, suga, taliya da lambobi uku a allo ɗaya! Wa zai tsaya cikin rana ya karanta?

Bangon fa?

Ruwan madara a sama da fentin ruwa, sannan mita 1 daga ƙasa ruwan ƙasa mai duhu da fentin mai, don nan ne ake jingina babur, nan ruwan sama ke fantsama taɓo. Kada bango da allo su zama kala ɗaya. Sabuwar filasta kuma a bar ta sati 4 kafin fenti, in ba haka ba zai kumbura ya ɓare.

Mai buga bana ya nuna mini a kwamfuta, ya yi kyau sosai.

Kwamfuta daga ciki take haskawa, bana ba ta haka, shi ya sa takan fito da duhu. Sa ya buga maka ɗan ƙarami, ka manna a goshin shagon, ka tsallaka titi ka duba da azahar da kuma bayan magariba kafin ka biya cikon kuɗin.