Kafin ka sa hannu a rahoto, sake duba matsakaici da lambar tsakiya da ma'aunin warwatsuwa

Abokan aiki masu auna mutane suna rubutawa a rajista, yawancin kurakuran da ke shiga rahotonmu ba a wurin awo suke faruwa ba. Suna faruwa ne bayan an tashi, lokacin da mutum ya zauna da kalkuleta a gajiye zai fitar da lambobi uku da ake nema: matsakaici, lambar tsakiya, da ma'aunin warwatsuwa wanda ake rubutawa SD a takarda. Idan mutanen da aka auna suna da yawa, kuskure ɗaya kan nutse a cikin taro. Idan kuwa takwas ne ko goma, lamba ɗaya da aka danna ba daidai ba ta isa ta sauya labarin gaba ɗaya. Abin daɗin shi ne kowace amsa daga cikin ukun tana da iyakar da ba za ta iya tsallakewa ba, kuma wanda ya san iyakar zai kama kuskuren da ido kafin ya sake lissafi.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce an auna hawan jinin manya takwas, an rubuta lambar sama ta kowannensu yadda suka zo:

118, 126, 110, 170, 134, 122, 114, 130

Kafin ka taɓa kalkuleta, jera su daga ƙarama zuwa babba, sannan ka ƙirga ka tabbata takwas ɗin ne suka dawo:

110, 114, 118, 122, 126, 130, 134, 170

Wannan jerin shi ne madogarar duk binciken da zai biyo baya. Ya nuna maka ƙarama, 110, da babba, 170, da tazarar da ke tsakaninsu, 60. Rubuta waɗannan ukun a gefen takarda.

Matsakaici shi ne jimilla a raba da adadi. Jimillar tamu 1024 ce, a raba takwas, an sami 128. Doka ta farko: matsakaici ba ya faɗuwa ƙasa da ƙaramar lamba, ba ya haura babba. Da jin ta sai a ce ai kowa ya sani, amma ga abin da take kamawa. Idan yatsa ya zame aka danna 17 a madadin 170, jimilla za ta koma 871, amsa ta fito 108.9, alhali babu ko mutum ɗaya da aka auna ƙasa da 110. Haka nan idan aka tara lambobin a kalkuleta irin ta kimiyya aka danna alamar rabawa ba tare da an fara danna = ba, lambar ƙarshe kaɗai za ta raba. Wato 130 ce za a raba takwas, a ƙara a kan sauran, amsa ta fito 910.25. Wannan kam ba ya ɓuya.

Masu ɓuya su ne waɗanda suka tsaya cikin iyaka. A ce an juya 126 ta zama 162. Jimilla ta zama 1060, matsakaici 132.5, lamba mai kama da gaskiya wadda babu mai yi mata kallo na biyu. Maganinta shi ne ka ɗebe matsakaicin daga kowace lamba ta rajista, ka tara abin da ya rage. Idan matsakaicin daidai ne, jimillar sifili za ta ba ka, domin abin da na sama suka ɗara da shi daidai yake da abin da na ƙasa suka gaza. Da 128, ga abin da ke fitowa:

−18, −14, −10, −6, −2, +2, +6, +42

Masu alamar ɗebewa sun taru 50, masu alamar ƙari sun taru 50, sun kashe juna. Da 132.5 kuwa za a bar ka da −36. Kuma idan ka ga giɓin yana rabuwa da tara cif, kamar yadda 36 take, fara zargin an juya lambobi biyu maƙwabta, domin irin wannan juyi kullum giɓi mai rabuwa da tara yake haifarwa. A kula, dole a ɗauko lambobin daga rajistar asali wajen wannan gwaji. Wanda ya ɗauko su daga kwafin da kuskuren yake ciki zai sami sifilinsa lafiya lau, kuskuren kuma yana nan zaune.

Akwai wani da ya fi yawa ga masu aiki da kwamfuta. An rubuta sunan mutum na tara, bai tsaya an auna shi ba, sai mai shigar da bayanai ya sa 0 don kada gurbin ya zauna fayau. A Excel, `AVERAGE` tana tsallake gurbin da babu komai, amma tana lissafa 0 a matsayin awo. Sai ta raba 1024 da tara ta ba ka 113.8, wato ta sauke matsakaicin da fiye da 14 saboda mutumin da ba a ko ɗaura wa abin awo ba. Shi ya sa yake da kyau a sa `COUNT` da `MIN` kusa da kowane matsakaici. Idan ta farko ta ce 9 kai kuma takwas ka auna, ko ta biyu ta ce 0, ka san inda za ka duba.

Lambar tsakiya ba ta da wahala, kuskurenta ɗaya ne tal da ake ta maimaitawa: ɗaukar ta tsakiyar layi ba tare da an jera ba. A jerin farko, yadda mutane suka zo, 170 da 134 ne a tsakiya, sai a ce 152. A jerin da aka tsara kuwa ta huɗu da ta biyar su ne 122 da 126, a tara a raba biyu, 124. Gwajinta ƙirga ne kawai: na ƙasa da ita da na sama da ita su zo kai ɗaya. Ƙasa da 124 akwai huɗu, sama akwai huɗu. Ƙasa da 152 akwai bakwai, sama ɗaya, don haka ba ita ba ce.

Ma'aunin warwatsuwa shi ne wurin da ya kamata a fi natsuwa, saboda matakansa sun fi yawa kuma mutane ƙalilan ne suke da masaniyar yadda amsarsa ya kamata ta kasance. Abin da yake faɗa shi ne, a kimance, nisan da lambobin suke yi da matsakaici. Ana ɗaukar ragowar nan takwas da muka fitar, a ninka kowace da kanta:

324, 196, 100, 36, 4, 4, 36, 1764

Jimillarsu 2464. A raba da bakwai, wato adadi ban da ɗaya, an sami 352. Sai a danna √, amsa ta fito 18.8.

Wanda ya manta matakin ƙarshe zai rubuta 352 a rahoto. Duba gefen takardarka: tazarar da ke tsakanin ƙarama da babba 60 ce. Ta yaya mutane za su yi nisan 352 da matsakaici alhali duk faɗin filin 60 ne? Ma'aunin warwatsuwa ba ya taɓa kai wa tazarar, kuma ga lambobi takwas iyakarsa ta sama rabin tazarar ce da ɗan ɗoriya, kusan 32 a nan. Yana da iyaka ta ƙasa ma, wadda ba a cika sani ba. A ninka bakwai ɗin nan biyu, 14, a danna √, a raba tazarar da abin da ya fito. Mu a nan 60 a raba 3.74, kusan 16. Ke nan duk amsar da ba ta faɗo tsakanin 16 da 32 ba, akwai gyara a cikinta.

Wannan iyaka ta ƙasa ita ce ke kama kuskuren da na fi ganin yana da wayo. A yawancin kalkuletocin kimiyya, idan ka danna `-18²` za ka sami −324, domin na'urar tana fara ninka 18 da kanta sannan ta liƙa alamar ɗebewa. Sai ka sa baka, `(-18)²`, kafin ta ba ka 324. Wanda bai lura ba zai tara lambobi biyar masu alamar ɗebewa da uku masu ƙari, ya sami 1144 a madadin 2464, ya ƙare da 12.8. Lamba ce mai kyan gani, babu abin da ke nuna ta lalace, sai dai ta gaza 16. Hanya mafi sauƙi ita ce a kalli layin da aka ninka: duk lambar da aka ninka da kanta ba ta ɗaukar alamar ɗebewa, ko ɗaya aka gani an yi kuskure.

Sai batun bakwai ko takwas. Wanda ya raba 2464 da takwas zai sami 308, daga nan 17.5 da 'yan kai. Ba shirme ba ne, amsar wata tambaya ce daban. Ana rabawa da adadin duka idan mutanen nan takwas su kaɗai ake son bayani a kansu. Idan kuwa an ɗauke su ne a matsayin samfur don a fahimci jama'a mai yawa, kamar yadda muka fi yi, da bakwai ake rabawa, saboda an fitar da matsakaicin daga cikinsu ne, don haka sun fi kusa da shi fiye da yadda za su kasance da matsakaicin jama'ar gaba ɗaya, rabawa da bakwai kuma tana cike wannan giɓin. A Excel `STDEV.S` ce ta samfur, `STDEV.P` ta duka. A kalkuleta za ka ga `sx` ko `σn-1` ga ta farko, `σx` ko `σn` ga ta biyu. Iyakokin 16 da 32 da na ambata na mai rabawa da bakwai ne. Idan kai da abokin aikinka kuka sami 18.8 da 17.5, kada ku ɓata lokaci kuna neman lambar da aka danna ba daidai ba, ku tambayi juna wane maɓalli kowa ya danna. A rubuta wanda aka yi amfani da shi a jikin rahoton.

Bayan an tabbatar lissafi ya yi daidai, saura a kalli abin da lambobin suke cewa. Matsakaici 128, lambar tsakiya 124. Wannan ratar ta 4 ba kuskure ba ce, mai 170 ne ya ja matsakaicin sama. Cikin 2464 ɗin nan, shi kaɗai ya kawo 1764, fiye da kashi 70 cikin ɗari. Idan aka cire shi, sauran bakwai suna da matsakaici 122, lambar tsakiya 122, ma'aunin warwatsuwa 8.6, ƙasa da rabin na farko. A nan ne zuciya ke raya wa mutum ya goge shi don rahoto ya yi tsaf. Ba a goge lamba don kawai ta fita daban. A koma rajista a ga ko 170 aka rubuta ko 120 ce rubutun hannu ya rikitar. Idan 170 ce, ta zauna a lissafi, a rubuta lambar tsakiya a gefen matsakaici, a rubuta cewa mutum ɗaya ya yi nisa da saura. Shi kuma mai ita a nemo shi a sake auna shi bayan ya zauna ya huta, idan har yanzu tana sama a tura shi ga likita.