Rage taki ba ya gyara komai a hanyar Euler

Ɗalibanmu na injiniyanci a Khartoum sun daɗe suna cewa a hanyar Euler, wato dabarar kimanta amsar lissafin differential equation taki bayan taki, ƙara rage girman taki h kawai, amsa sai daɗa kyau take. Gaskiya ne, amma da iyaka.

Ɗauki y' = y, y(0) = 1, ana neman y(1), wato 2.718. Da h = 0.5 za ka samu 2.25. Da h = 0.25 kuwa, 2.441. Kuskuren ya sauko daga 0.468 zuwa 0.277, ka ninka aiki, ko rabi bai cika raguwa ba.

Matsalar tana can ƙasa. Kwamfuta na datse lambobi a kowane taki, to idan h ya ƙanƙance ainun, ɓarɓashin nan sai ya taru ya rinjayi ribar. Gwara ka raba h biyu, ka kwatanta amsoshin. In sun daidaita gwargwadon buƙatarka, tsaya nan.