Takardar tayin sayen gida

Takardar tayin sayen gida wasiƙa ce da mai son sayen gida yake rubuta wa mai gidan, yana bayyana kuɗin da ya taya, da sharuɗɗan da ya gindaya, da ranar da tayin zai daina aiki. Ba ta mallakar da gida, kuma ba ita ce yarjejeniyar ciniki ba. A Sakkwato an fi ganinta a cinikin da ya bi ta hannun lauya ko banki, ko inda mai gidan yake zaune a wani gari.

Asali

Tsohon cinikin gida a birnin Sakkwato na baka ne. Dillali ya kai tayi, mai gida ya ce "albarka" idan kuɗin bai yi masa ba, a ƙara, har ya ce ya sallama. Daga nan a biya a gaban shaidu, galibi da sanin mai unguwa, a fitar wa dillali la'adarsa. Fikihun Malikiyya da alƙalan daular Sakkwato suka yi aiki da shi yana kiran wannan ijabi da kabuli, wato tayi da amincewa, kuma bai shar'anta rubutu kafin ciniki ya ƙullu ba.

Rubutaccen tayi ya shigo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kodayake da wuya a tsayar da lokacin da ya zama ruwan dare. Mai yiwuwa sai da aka fara yanka filaye masu takarda a bayan ganuwa. Cikin dokokin Ingila da kotunan Nijeriya suka gada akwai wata ta 1677 wadda ta hana a tilasta wa mutum cika cinikin fili ko gida sai da rubutu mai ɗauke da sa hannunsa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuma ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 22 ya ce mai takardar mallakar da gwamna ya bayar ba zai sayar da haƙƙinsa ba sai da amincewar gwamnan. Tun da ciniki ya zama mai matakai haka, aka buƙaci takardar da za ta riƙe magana kafin a kai ƙarshe. Duk da haka kotuna sun ci gaba da yarda da cinikin gargajiya idan an biya kuɗi, an miƙa gida, a gaban shaidu.

Abin da take ƙunsa

Sunayen ɓangarori biyu, da kwatancen gidan da lambar takardarsa, da farashi a lambobi da kalmomi, da yadda za a biya. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 sai ta banki, don haka akan rubuta cewa ta asusu za a tura.

Sharuɗɗan da aka fi sawa su ne bincike a ma'aikatar filaye don a tabbatar ba a jinginar da gidan ba, da fitar 'yan haya, da wanda zai biya la'ada da kuɗin neman amincewar gwamna. Lauyoyi sukan ƙara jimlar da ke cewa babu abin da ya hau kan kowa sai an rattaba hannu a cikakkiyar yarjejeniya. Idan babu ita, mai gida ya rubuto cewa ya amince, to ana iya ɗauka ciniki ya faɗa tun daga nan.

Wa'adi

Mutane da dama suna ɗauka cewa wanda ya rubuta "tayina yana nan har kwana 14" ya ɗaure kansa na kwana 14. A dokar da manyan kotuna suke bi ba haka ba ne. Wa'adin yana nuna ranar da tayin zai mutu da kansa ne kawai, mai tayi yana iya janyewa kafin ranar muddin ba a riga an amsa ba, kuma labarin janyewar ya isa ga mai gida. Hujjar da ake kawowa ita ce shari'ar Routledge da Grant ta 1828 a Ingila, inda mai tayin gida ya ba da mako shida ya kuma janye kafin su cika, kotu ta ce yana da iko, domin ba a ba shi komai a madadin alkawarin jira ba.

Malaman Malikiyya sun fi tsaurarawa. A wurinsu wanda ya furta ijabi da lafazi yankakke ba ya komawa kafin ɗayan ya amsa, kuma idan ya ɗibar wa kansa lokaci, lokacin ya hau kansa. Saboda haka takarda guda tana iya samun hukunci biyu a Sakkwato, gwargwadon ko gardamar ta je babbar kotun jiha ko kotun shari'ar Musulunci. Wace kotu ce ke da hurumi a kan gida mai takardar gwamna, wannan batu ne da lauyoyi suka daɗe suna ja a kai.

Akwai kuma zaɓin da ake shar'antawa bayan an ƙulla ciniki, wanda littattafan mazhabar irin su Muhtasar na Halilu suka ƙayyade wa kimanin wata guda a gida, kwana uku a dabba. Wannan daban yake da wa'adin tayi, ko da yake ana yawan haɗa su.

Misali

A ɗauka wani gidan gado ne a Mabera, magada sun sa masa naira miliyan 30. Mai saye ya rubuta ranar 3 ga Maris ya taya miliyan 26, zai ba da kashi 10 cikin ɗari, wato miliyan 2.6, ranar sa hannu, sauran cikin kwana 30, tayin kuma zai ƙare ƙarfe 4 na yamma ranar 17 ga Maris. Ranar 10 ga wata babban wan magadan ya amsa cewa sai miliyan 28. Wannan amsar ba amincewa ba ce, sabon tayi ne, kuma ta kashe na farko, kamar yadda aka yanke a shari'ar Hyde da Wrench ta 1840. Idan ranar 15 ya sake tunani ya ce ya sallama a miliyan 26, mai saye yana da damar ƙi, duk da cewa 17 ba ta yi ba.

Ko da ya amince tun farko, sa hannunsa shi kaɗai bai isa ba. Gidan da ba a raba ba na dukkan magada ne, kuma a Malikiyya idan ɗaya ya sayar da rabonsa, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a, wato su biya mai saye kuɗinsa su karɓe rabon. Shi ya sa takarda mai kyau take shar'anta sa hannun kowane magaji, ko wakilci a rubuce, ko takardar rabon gado daga kotu. Dillalin da ya ce "ai Alhaji ya isa da ƙannensa" bai kawo hujjar da kotu za ta karɓa ba.

Kafin alƙalami

Wasu sukan haɗa tayi da kafin alƙalami don mai gida ya daina sauraron wasu. Idan kuɗin zai dawo in ciniki ya warware, babu saɓani. Idan kuwa an shar'anta mai gida zai cinye shi, Malikiyya sun hana, Hambaliyya sun halatta. Lauyoyi sukan ba da shawarar a ajiye kuɗin a hannun lauya har bincike ya kammala, a kuma rubuta a takardar ranar da za a mayar da shi idan wani sharaɗi bai cika ba.