Inshorar ƙari a Indiya: ba kowace ce ke tara kuɗin jinya ba

A Indiya mutane da yawa na ɗora inshorar ƙari a kan inshorar lafiyarsu. Tana da araha domin kamfani ba ya biyan ko sisi sai kuɗin jinya ya haye wani ƙa'idajjen adadi, kuma yawancin jinya ba ta kaiwa can. An daɗe ana zaton da zarar abin da mutum ya kashe a shekara ya wuce adadin, shi ke nan, za a biya. Amma inshorar ƙari iri biyu ce, tof-of da sufa tof-of, kuma a tsarin tof-of ba haka ba ne.

A ce magidanci na da inshorar rupi 500,000, ya sayi ƙari mai farawa daga 500,000. Aka kwantar da shi, jinya ta ci 300,000. Bayan wata huɗu ciwo na daban ya ci 400,000. Inshorar farko ta biya 300,000, sannan ragowar 200,000, ta ƙare. Tof-of kowace kwanciya yake dubawa ita kaɗai, kuma babu wadda ta kai 500,000, don haka cikon 200,000 daga aljihunsa zai fito, ga ciwo ga bashi.

Sufa tof-of kuwa tarawa yake yi: 700,000 a shekarar inshora ɗaya, sai ya biya 200,000 ɗin. Ya ɗan fi tsada, amma ni shi zan saya. Kafin sa hannu a duba takarda: kowace jinya ake lissafawa, ko jimillar shekara? Kuma kuɗin da yarjejeniyar ta amince da su kaɗai ake ƙirgawa, lissafin yana komawa sifili idan an sabunta.